Karatun gurup ko na kaɗaici: yadda ake tsara jadawalin zama, da inda taron yake da amfani

Ana komawa zango na biyu, wata makarantar jeka-ka-dawo a nan yankinmu tsakanin Ringim da Taura ta sanar da 'yan ajin ƙarshe cewa kowa ya nemi gurup ya shiga, kuma kowane gurup ya kawo jadawalinsa a rubuce, saboda shirin WAEC da NECO da JAMB. To sanarwar ba ta zo da bayani ba, kawai cewa aka yi a haɗa. Shi ne fa magana ta rabu a gari. Wasu iyayen suka ce wannan ai lasisin hira aka ba yara, wasu malaman suka ce shi ne kaɗai mafita tunda ba a gama silabus ba, su kuma yaran da ke kan gaba a aji suna ta ƙunƙuni wai za a ɗora musu kayan wasu. Kowannensu akwai abin da ya hango, sai dai yawanci ba abu ɗaya suke nufi ba idan sun ce karatun gurup.

## Me ake nufi da kalmomin

Karatun kaɗaici shi ne yaro da littafinsa da bironsa, ba mai ce masa komai. Karatun gurup shi ne 'yan aji ɗaya, sa'o'in juna, su zauna su yi aiki a kan darasin da kowannensu ya riga ya taɓa. Wannan ya bambanta da lesin, inda mutum ɗaya ne ya sani sauran suna karɓa, ko da kuwa mai koyarwar ɗan ajinsu ne kuma ba a biyansa ko sisi. Yawancin abin da ake kira gurup a ƙauyukanmu lesin ne da ba a faɗi sunansa ba, yaro ɗaya yana gaban allo kullum, shida suna gyaɗa kai.

Jadawali kuma ba jerin ranaku ba ne kawai. Jadawalin da zai yi aiki dole ya amsa tambaya huɗu: yaushe za a zauna, a kan wane babi, wa zai ja zaman, sannan me kowa zai yi a gida kafin ya zo. Ta ƙarshen nan ita aka fi mantawa, kuma ita ce ke raba gurup mai rai da majalisar shayi.

## Abin da masu hadda suka daɗe da sani

Duk wanda ya yi islamiyya ko ya zauna kusa da tsangaya ya ga rabon aikin nan da idonsa. Mai hadda shi kaɗai yake keɓewa ya maimaita shafinsa har ya zauna, babu wanda zai haddace masa. Amma in ya zo tabbatarwa sai ya miƙa wa wani ya riƙe masa, ya karanto da ka, wancan yana bi da ido, in ya tsallake ko ya sarƙe a tsayar da shi. Dalili kuwa, mai karantowa ba ya jin kuskuren kansa, a kunnensa daidai yake tafiya. Wato zubawa a ka aikin mutum ɗaya ne, fitarwa da gyara su ne ke son mutum na biyu.

Binciken masana halayyar koyo ma nan ya faɗo. A 2006 Roediger da Karpicke a Amurka sun ba ɗalibai wani rubutu, wasu aka ce su yi ta sake karantawa, wasu kuma bayan sun karanta aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaita karatun ne a gaba, amma bayan sati ɗaya sai labari ya juye, waɗanda aka tilasta wa tunowa suka fi riƙewa. Abin da wannan ke nunawa ga gurup shi ne amfaninsa ba a sauraro yake ba, yana wajen a tambaye ka littafi a rufe ka amsa.

Ɗaya ɓangaren kuma tsohon labari ne. Wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, Ringelmann, ya auna ƙarfin mutane a jan igiya, ya wallafa a 1913, ya tarar duk sanda aka ƙara yawan masu ja sai ƙarfin da kowane mutum yake sawa ya ragu. Wanda ya taɓa zuwa gayya ya san wannan ba sai an kawo masa Bafaranshe ba, akwai mai riƙe da fartanya yana bin kunya amma ba shi ke noman ba. A karatu abin ya fi muni, don a gayya ko ka yi ha'inci gonar za ta nomu, amma ranar jarrabawa kowa kunyarsa zai shiga shi kaɗai.

## Gurup ɗaya, daga farko

Bari mu ɗauki samari biyar 'yan ajin kimiyya a ƙauye ɗaya, saura sati 12 a fara WAEC. Akwai ɗan mai shayi wanda shi ne gwanin Lissafi, akwai ɗan liman da ya fi su Turanci, akwai mai kiwon tumakin gidansu, akwai wanda ke taya yayansa a shagon cajin waya, sai autansu wanda ya dawo daga wata makaranta kuma an wuce shi a babi da yawa.

Me ya sa biyar ba goma ba? Lissafin a fili yake. Zaman awa ɗaya da rabi minti 90 ne, in aka raba wa mutum biyar kowa yana da minti 18 na buɗe baki, in mutum goma ne ya koma 9, kuma a zahiri ba a raba daidai, uku ne za su cinye lokacin bakwai su zama 'yan kallo. Ƙasa da uku kuma in ɗaya bai zo ba shi ke nan zama ya tashi. Huɗu ko biyar shi ne daidai wa daida.

Kafin su zaɓi ranaku sai da suka fara cire waɗanda ba za su yiwu ba, kuma haka ya kamata a fara, ba da ranar da ake so ba. Lahadi ta fita, ranar kasuwar Gujungu ce, biyu daga cikinsu can suke yini. Yammacin Asabar zuwa Laraba akwai islamiyya. Juma'a suka bar ta don wanki da masallaci da ziyara. Abin da ya rage musu: Talata bayan isha'i a ƙarƙashin fitilar sola ta bakin firamare, Alhamis bayan la'asar tunda ba islamiyya, sai Asabar da hantsi a zauren gidan liman. Sau uku a sati, awa huɗu da rabi gaba ɗaya. Akwai masu ganin a zauna kullum ya fi, amma in aka zauna kullum yaushe za a yi aikin gidan da zaman ya dogara a kai? Ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne duk awa ɗaya ta gurup a samu aƙalla awa biyu ta kaɗaici a bayanta. Wannan ba doka ba ce daga sama, amma da zarar awannin taro sun fi na zaman kai yawa za ka ga ana zuwa hannu rabbana.

Darussa kuma suka ɗaure su da rana. Talata Lissafi kowane sati, don shi da Turanci su ne kiredit ɗin da ɗan kimiyya ba ya shiga jami'a sai da su. Alhamis Fiziks wannan satin, Kemistiri sati mai zuwa. Asabar Turanci da Bayoloji su ma bi da bi. Kuma a jadawalin ba a rubuta "Lissafi" kawai a tashi, sai an rubuta babin, misali riba da faɗuwa, tare da lambobin tambayoyin da kowa zai yi a gida daga littafin fas kwashin.

## Tarkon da ke cikin karɓa-karɓa

Nan ne wajen da mutane ba sa lura. A ce jagorancin zama yana zagayawa, yau wane gobe wane, a jere. Da mutum biyar da rana uku abin yana warware kansa: na farko zai ja zama na 1 wato Talatar satin farko, sai zama na 6 wanda ya faɗo Asabar ɗin sati na biyu, sai na 11, Alhamis ɗin sati na huɗu. Cikin sati biyar, zama 15, kowa ya ja kowace rana sau ɗaya. Da mutum huɗu ma haka, cikin sati huɗu an zagaye.

Amma a ce su shida ne, ko uku. In shida ne, na farko zai ja zama na 1, na 7, na 13, kuma duka ukun Talata ne. Wato shi kullum Lissafi, wani kuma har a gama bai taɓa tsayawa ya yi bayanin Lissafi ba, alhali jadawalin a takarda ya nuna ana karɓa-karɓa tsakani da Allah. Maganinsa ɗan ƙarami ne, duk sanda aka gama zagaye ɗaya sai a fara sabon zagayen daga mutum na biyu maimakon na farko, layin ya goce da taki ɗaya.

To me ya sa ma za a damu? Ai da sauƙi a ce ɗan mai shayi ya riƙe Lissafi har ƙarshe tunda shi ya iya. Masu wannan ra'ayin suna da hujja, za a yi sauri kuma ba za a koyar da kuskure ba. Illar ita ce wanda ya shirya ya yi bayani shi ne ya fi kowa ƙaruwa a zaman, don haka in aka bar wa gwani sai gwani ya ƙara gwanancewa, sauran su tsaya inda suke. Hanyar tsakiya ita ce a raba aiki: jagora ya zagaya, amma wanda ya fi ƙarfi a darasin ranar ya zama mai riƙe amsa, ya zauna da littafi kamar mai sauraron hadda, ba ya magana sai an kauce. Na uku ya riƙe agogo, wayarsa ce kaɗai a kunne, sauran a kife a tsakiyar tabarma. Na huɗu ya riƙe littafin gurup inda ake rubuta abin da ya gagara.

## Yadda minti 90 ɗin ke tafiya

Minti 10 na farko tishi ne, jagora ya jefo tambaya biyar daga zaman da ya wuce, littafi a rufe. Daga nan minti 20 shiru, kowa ya yi sababbin tambayoyi kamar takwas shi kaɗai, ya rubuta amsarsa, ba leƙe. Sai a buɗe amsoshi lokaci guda. Duk tambayar da kowa ya ci a wuce ta, ba a ɓata mata ko minti ɗaya. Minti 35 na tsakiya na waɗanda aka saɓa ne kawai. Sannan minti 15 wanda ya faɗi tambaya shi zai sake yin irinta a gabansu da bakinsa, a canja lambobin. Minti 10 na ƙarshe a rubuta abin da za a kai wa malami da aikin gida na gaba.

Wannan dabara ta kowa ya fara amsawa shi kaɗai kafin a tattauna, Eric Mazur malamin Fiziks a Harvard ya yi suna da ita tun farkon shekarun 1990, kuma dalilinta zai fito a misalin nan.

Ranar Talatar da mai kiwo ke jagora aka kawo tambaya: mutum ya sayar da tunkiya naira 60,000 ya ci ribar kashi 20 cikin ɗari, nawa ya saye ta? Da aka buɗe, uku sun rubuta 48,000, ɗan mai shayi da auta sun rubuta 50,000. Su ukun abin da suka yi shi ne sun cire kashi 20 na 60,000, wato 12,000, kuma a ido ya yi kyau. Da a ce da baki aka fara, na farko ya ce 48,000 biyu suka mara masa, auta da yake baƙo ne kuma yana jin kansa a baya zai haɗiye tasa amsar ne ya bi yarima a sha kiɗa. Amma ta riga ta hau takarda.

Mai cajin waya ya ce, "Kai malam, mu uku fa muka samu abu ɗaya." Ɗan mai shayi bai ba su hanya ba, ce musu ya yi, "To abokina, ka saye ta 48,000 ɗin, ɗora mata ribar kashi 20 mu gani." Aka buga, kashi 20 na 48,000 ya ba 9,600, jimla 57,600, bai kai 60,000 ba. Aka gwada 50,000, riba 10,000, ya faɗa cif. Sai a lokacin jagora ya gano da kansa cewa riba a kan kuɗin saye ake lissafa ta ba a kan kuɗin sayarwa ba, don haka 60,000 ɗin kashi 120 ne, a raba shi da 1.2. A zagayen ƙarshe aka ba shi akuya 36,000 da ribar kashi 20, ya fitar da 30,000 ba wanda ya taya shi.

Irin wannan kuskuren shi ne abincin gurup. Yaron da ya yi shi shi kaɗai a ɗaki zai duba bayan littafi ya ga 50,000, ya ce ƙila kuskuren bugawa ne, ko ya haddace amsar ya wuce ba tare da ya san inda ya kauce ba. Kuma misalin ya nuna ƙa'ida ɗaya da dole a kafa tun ranar farko: ba a yanke amsa da yawan hannu. Ko a gwada ta a gani, ko a nuno ta a littafi, in duka biyun sun gagara a rubuta a kai wa malami. Littattafan fas kwashin ɗin kasuwa ma kansu akan ci karo da amsar da ba daidai ba a ciki, shi ya sa shafin "a tambayi malam" yake da muhimmanci.

## Inda zama kai kaɗai ya fi

Karatun farko na sabon babi. Mutum biyar ba sa karatu da sauri ɗaya, in aka ce a karanta tare mai sauri zai gaji da jira, mai nawa kuma ya ji kunyar cewa a tsaya. Sai haddar abin da dole sai an haddace, kamar fomulolin Fiziks ko sinadarai 20 na farko a jeren Kemistiri, da littafin labarin da JAMB ke sa wa a karanta. Waɗannan a zuba su a gida, gurup ya yi tambaya a kai kawai.

Na biyu, sauri. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku, in ka raba zai ba ka daƙiƙa 40 a kowace tambaya. Ba a koyon wannan a inda ake tsayawa minti bakwai ana gardama kan tunkiya. Sai yaro ya zauna shi kaɗai da agogo ya yi takarda sukutum daga farko har ƙarshe, ya saba da tsallake wadda ta tsaya masa ya dawo mata daga baya. Haka rubutun insha'i da wasiƙa na Turanci, kowa ya rubuto nasa a gida cikin lokacin da aka ƙayyade, a zaman Asabar a yi musayar takardu a duba wa juna. Nan gurup ya dawo da amfaninsa, don mutum ba ya ganin inda ya bar harafi a rubutunsa.

Na uku, wanda giɓinsa ya yi zurfi. Auta in bai iya raba lamba mai ɗigo ba, zaman riba da faɗuwa ba zai cike masa wannan ba, kuma in aka tsaya cike masa an cinye lokacin mutum huɗu. Shi abin da yake buƙata zama ne na mutum biyu, shi da ɗan mai shayi, rabin awa a wata rana daban, sannan ya je ya yi ta yi shi kaɗai.

Akwai kuma wani abu da masu bincike suka sha gani: in ka ce wa mutane su tuno jerin abubuwa tare, abin da za su kawo bai kai wanda za a samu ba in kowa ya rubuta nasa daban aka haɗa, saboda maganar wani tana katse wa wani zaren tunaninsa. Don haka ko tambayar "ku kawo ayyukan hanta" ce a Bayoloji, kowa ya jero nasa a takarda tukuna.

## Hujjar kowane ɓangare

Iyayen da ke cewa hira ce ba daga sama suka ɗauko ba. Sun ga yara sun fita da littafi bayan isha'i sun dawo sha ɗaya da labarin ƙwallo. Sai dai hana fitar ba ya nufin yaron zai yi karatu a gida, musamman gidan da ɗaki ɗaya ne da ƙanne biyar kuma tocila ɗaya. Abin da uba zai iya yi ko bai yi boko ba shi ne ya san wurin zaman, da lokacin tashi, ya kuma ce a nuna masa takardar da aka yi yau mai kwanan wata. Zaman da ke da lokacin tashi ya fi wuya ya zama hira.

Malamai suna duba ƙarancin littafi da yawan ɗalibai, kuma gaskiya ne littafin fas kwashin ɗaya zai iya ɗaukar mutum biyar in aka yi karo-karo. Inda hujjarsu ke da rauni shi ne in ana so gurup ya koyar da babin da ba a taɓa yi a aji ba. Yara biyar da ba wanda ya san abu ba za su haifar da saninsa don sun zauna tare ba, sai dai su ƙarfafa wa juna kuskure.

Su kuma na gaba-gaba a aji, ƙorafinsu rabi gaskiya ne. Bayani yana zaunar musu da abin da suka sani, amma ba ya kai su ga tambayoyi masu wuya da za su ɗaga makinsu. Shi ya sa tsarin mai riƙe amsa ya fi musu adalci a kan tsayuwa gaban allo kullum, kuma ba laifi ba ne su ce sau uku a sati ya ishe su.

## Yadda za a gane yana aiki ko ba ya yi

Jin daɗin zama ba ma'auni ba ne, "wallahi yau na gane" ma haka, don bayani mai kyau yana sa mutum ya ji kamar ya iya. Gwajin shi ne washegari, ko ma bayan sati, yaro ya ɗauki tambaya goma irin na babin, shi kaɗai, littafi a rufe. In yana cin bakwai takwas, zaman ya shiga. In kullum uku huɗu yake samu alhali a zaure yana gyaɗa kai, to kallo yake zuwa yi. Wanda ke son ya tantance sosai zai iya ɗaukar babi biyu masu nauyi kusan ɗaya, ɗaya ya kai gurup ɗaya ya yi shi kaɗai, ya gwada kansa a duka bayan sati. Sau ɗaya ba ya isa a yanke hukunci tunda babi ba sa zama daidai da juna, amma in aka yi sau uku alama za ta fito.

Littafin gurup ma yana tona asiri. In sati uku shafin abin da ya gagara fari fat ne, ba wai sun iya komai ba ne, ba a saɓawa ne, ma'ana ana kwafar amsar mutum ɗaya. In kuma mutum biyu suka zo ba aikin gida sau biyu a jere, zaman zai koma karatun farko, wanda muka ce ba aikinsa ba ne. Wasu gurup ɗin suna sa tarar kuɗi, amma a ƙauye wannan yakan kori mara shi ne ya bar mai shi yana sayen lalaci. Abin da ya fi tasiri shi ne wanda bai yi aikin gida ba ya zauna gefe ya yi shi a minti 30 na farko, sannan ya shigo. Jagoran da uzuri ya kama kuma ya yi musaya da na bayansa tun kwana ɗaya kafin ranar, kuma muddin mutum uku sun hallara ba a ɗage zama.

## Abin da zai shafi gidaje

Jadawalin da aka rubuta a Janairu ba zai kai Yuli yadda yake ba. Zafin Afrilu yana mayar da zaman la'asar wahala, in azumi ya faɗo ciki zaman dare ya ci karo da tarawihi sai a mayar da shi bayan asuba ko hantsi, sannan NECO tana zuwa ne a Yuni da Yuli daidai lokacin shuka da noman fari, lokacin da babu uban da zai saki hannu ɗaya da safe. Gara a rubuta na sati biyar-biyar, daidai zagaye ɗaya, a sake zama a duba. Iyaye kuma su san abin da ake roƙonsu takamaimai ne, awa ɗaya da rabi sau uku a sati, da wani lokacin shiru a gida.

'Yan mata nasu tsarin daban ne, don fitar dare ba ta taso ba, kuma yamma lokacin girki ne da ɗiban ruwa. Abin da ya fi yi musu shi ne su uku ko huɗu 'yan unguwa ɗaya, a cikin gida, gidan yana zagayawa tare da jagorancin ta yadda kowace uwa za ta ga abin da ake yi a tsakar gidanta, Alhamis da Juma'a da yamma kafin a ɗora girki da kuma hantsin Asabar ko Lahadi. In su uku ne a rana uku, a tuna da gocewar layin nan, in ba haka ba ɗaya ce za ta dawwama a kan Lissafi.

Sati biyu kafin takardar farko su samarin nan biyar suka rage zama zuwa Alhamis kaɗai. Sauran ranakun kowa yana yin cikakkiyar takarda da agogo a gida, ranar Alhamis ya zo da lambobin tambayoyin da suka kayar da shi, a bi su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta kayar da mutum uku ita ake fara ɗauka.